Haɗa rubutun lakca wuri guda: kada ku bi rinjaye

"Assalamu alaikum. Mu biyar muke karatun bayokemistiri tare. Muna so mu haɗa abin da kowa ya rubuta a lakca da babin littafi su zama takarda ɗaya, amma rubutun namu yana cin karo da juna. Ta ina za mu ɓullo wa abin?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mun yi irin wannan aikin a aji biyu na jami'a, kuma kuskurenmu na farko shi ne bin rinjaye. Idan uku sun rubuta abu ɗaya, sai mu ce shi ne daidai. Ashe biyu daga cikinsu ba su shiga lakcar ba, a wurin na ukun suka kwafa. Don haka kafin komai, kowa ya faɗi tsakani da Allah ranakun da ya ji da kunnensa da ranakun da ya kwafa.

Ku ɗauki jerin darussan da malam ya bayar a farkon zango, ku zuba komai a ƙarƙashinsa, kowane layi da alamar inda ya fito: harafin sunan mai rubutun da ranar lakca, ko lambar shafin littafi.

Inda aka samu saɓani, nan ne karatun yake. Mu a kan yawan ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a jiki, da ƙwayar gulukos ɗaya ke samarwa muka yi ta gardama. Ni na rubuta 38, wata ta rubuta 36, littafi kuma ya ce 30 zuwa 32. Da muka zauna da biro, sai muka ga babu wanda ya yi kuskuren ji. Ana samun NADH goma da FADH2 biyu, sinadaran da ke ɗaukar lantarkin da ake samar da ATP da shi, sai kuma ATP huɗu kai tsaye. Tsohon lissafi yana ba kowane NADH ATP 3, kowane FADH2 kuma 2, jimilla ya tashi 38. Sabon lissafi yana ba su 2.5 da 1.5, ya tashi 32. Biyun da ke raguwa har a samu 36 ko 30 kuwa, ya danganta da hanyar da lantarkin NADH biyun da aka samar a wajen mitokondiriya ya bi ya shiga ciki.

Da mun goge uku mun bar ɗaya, da mun yi asarar wannan bayanin. Sai muka rubuta duka huɗun da dalilinsu, muka tura mutum ɗaya ya tambayi malam wanne yake so a jarrabawa, muka ja masa layi.

Kuskuren kwafa daban yake, kuma ana gane shi: ba ka iya fitar da shi ta lissafi. Wannan ku gyara shi da littafi kawai.

Rubutun ƙarshe kuma hannu ɗaya ya yi shi, don kada abu ɗaya ya zo da suna biyu. Sauran ku gwada takardar da tambayoyin jarrabawar baya. Duk tambayar da ta gagara amsuwa daga cikinta, akwai giɓi a wurin, ku koma littafi.