Amsa: Tantabara tsuntsu ce ko dabba?

"Don Allah ku fahimtar da ni hyponym da hypernym, malaminmu ya ce tsuntsu yana iya zama duka biyun kuma na kasa ganewa."

Malaminku gaskiya ya faɗa ɗan'uwa, abin hawa hawa ne kamar bene. Tantabara tana ƙarƙashin tsuntsu, shi kuma tsuntsun yana ƙarƙashin halitta, to idan ka haɗa shi da tantabara shi ne hypernym wato uwar kalma, amma idan ka kai shi gaban halitta sai ya koma hyponym, ɗa kenan. Ba kalmar ce ke canzawa ba, abokiyar gwajinta ce.

Ga yadda za ka gwada, ka ce "kowace tantabara tsuntsu ce" ya zauna daram, sai ka juya "kowane tsuntsu tantabara ne" ka ji bai yiwu ba ai, tunda ga shaho ga kurciya. Kalmar da maganar ta ƙi zama idan ka fara da ita, wato tsuntsu a nan, ita ce ta sama.

Inda ɗalibai ke faɗuwa, kuma wallahi yana damuna, shi ne fiffike. Fiffike ba irin tsuntsu ba ne, sashen jikinsa ne, wannan meronym ake ce masa, kar ka sa shi layi ɗaya da tantabara.