Farashin canjin wace rana ake bi wajen bayyana kuɗin waje a harajin Kanada?

"Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Kanada, kuma ina da gida a Nijeriya da ake biya na hayarsa wata-wata, wanda wataƙila in sayar nan gaba. Shin sai na bayyana wannan kuɗi a can? Idan haka ne, da farashin canjin wace rana zan mayar da naira zuwa dalar Kanada?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daga ranar da ka zama mazauni a idon hukumar harajin Kanada, wato CRA, duk abin da ka samu a ko'ina cikin duniya yana shiga takardar harajinka, ko da ko kwabo bai bar asusunka na gida ba. Ba irin bizarka ce ke yanke wannan hukunci ba, alaƙarka da ƙasar ce, kamar samun wurin zama da kasancewar iyalinka tare da kai, shi ya sa ɗalibai da yawa suke shiga wannan sahu tun shekararsu ta farko.

Ƙa'idar ita ce a bi farashin ranar da kuɗin ya zama naka. Ranar da ka canza shi, da ranar da ka turo shi Kanada, da ranar da ka zauna cike takarda kafin wa'adin 30 ga Afrilu, babu wadda ta shafi lissafin. Idan ɗan haya ya biya a watan Maris, kai kuma ka bar kuɗin har Nuwamba kafin ka canza, farashin Maris ne zai shiga fom T776, wato takardar da ake bayyana kuɗin haya a cikinta. Ga kuɗin da ke shigowa a kai a kai, hukumar takan amince da matsakaicin farashin shekara, amma ba ta cika amincewa da shi ba idan kuɗin ƙasar ya yi hawa da sauka mai tsanani. Naira kuwa ta faɗi warwas bayan da aka sake mata mara a watan Yunin 2023, don haka ni a ganina gara ka lissafa kowane wata da farashin ranarsa, tunda layi goma sha biyu ne kacal.

Akwai wata matsala da za ka ci karo da ita. Farashin Babban Bankin Kanada aka fi so a yi amfani da shi, sai dai naira ba ta cikin kuɗaɗen da yake wallafawa. A irin wannan hali ana karɓar farashin wata majiya mai zaman kanta da kasuwa ta yarda da ita, wadda ake wallafawa a kai a kai kuma kowa zai iya tantancewa, muddin ita kake bi kowace shekara. Farashin da ɗan canji ya faɗa maka ta waya ba hujja ba ne. Ka riƙa adana shafin farashin tare da bayanin asusun bankinka, domin ana buƙatar ka riƙe takardu na tsawon shekara 6.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne sayar da kadara, saboda ranaku biyu ne ke aiki a nan. Dokar Kanada tana ɗauka cewa ka sayi gidan ne a ranar da ka zama mazauni, a kan darajarsa ta kasuwa a wannan rana. Mu ƙaddara, don misali kawai, darajarsa naira miliyan 20 ce a ranar, dalar Kanada ɗaya kuma tana naira 1,000, ka ga asalinsa dala 20,000 ke nan. Bayan wani lokaci ka sayar da shi naira miliyan 24, alhali dala ta kai naira 1,250, abin da ka karɓa ya zama dala 19,200. A naira ka ci ribar miliyan 4, amma a dala ka yi asarar 800. Wanda ya fara cire ribar a naira sannan ya canza ta da farashin ranar sayarwa zai rubuta ribar dala 3,200, rabinta ya shiga cikin abin da ake cajin haraji a kansa, a kan ribar da bai ci ba. Alamar wannan kuskure a bayyane take: idan ka duba lissafinka na sayarwa ka tarar farashin canji ɗaya ne kawai a ciki, to akwai gyara.

Saboda haka, dab da tafiyarka, ka nemi ƙwararren mai kimanta gidaje ya ba ka darajar gidan a rubuce da kwanan wata, sannan ranar da ka sauka ka adana farashin canjin ranar, domin samo waɗannan hujjoji biyu bayan shekaru, kana nesa da gida, yana da matuƙar wahala.