Baƙin datti a kunnen kyanwa: me ya sa yake dawowa?

Maigida, 'yar kyanwar nan da aka kawo mana asibitin dabbobi watan jiya tana kaɗa kai, ni na wanke mata kunne, na ba masu ita maganin ɗigawa na kwana bakwai. Dattin ya tafi fes. Yau, bayan sati uku, an dawo da ita, kunnen ya sake cika da baƙin datti, tana susa har ta ji wa kanta ciwo. Maganin ne jabu, ko ni ne na yi kuskure?

Kada ka yi saurin ɗora wa magani laifi. Kafin in ce komai, bari in tambaye ka abu biyu, kuma na san amsar duka: ka ga ƙwaron da ke jawo dattin da idonka ranar farko? Ka tambayi mai ita ko akwai wata dabba a gidan? Na duba katin, ba ka rubuta ko ɗaya ba. Ɗazu da na tambaya da kaina, ashe akwai babban muzuru da suke kwana wuri guda da ita, ga kuma kare. To daga nan za mu faro.

Abin da ke cikin kunnen nan ƙwaro ne ɗan mitsitsi, dangin kaska, sai dai bai kai rabin milimita ba. A littattafai ana kiransa Otodektis. Ba ya huda fata ya shige ciki kamar na ƙazuwa, a saman fatar ramin kunne yake yawo, yana cin ɓawon fata da ruwan jiki. Yawon nan nasa da yawunsa su ke hargitsa fatar, sai kunne ya yi ta fitar da maiƙo fiye da ƙima. Maiƙon ya gauraya da busasshen jini da kashin ƙwaron da ɓawon fata, shi ne baƙin abin da kake gani, busasshe mai marmashewa kamar garin gawayi. Wato dattin alama ce kawai. Ka kwashe shi kaf, in dai akwai mai yin sa a raye, zai dawo.

Kuma ka lura, yawan datti ba shi ke nuna tsananin ciwo ba. Na sha ganin kyanwa kunnenta maƙil amma ko a jikinta, na kuma ga wadda ƙwari kaɗan ne a ciki amma ta kusa tsige kunnen, domin jikinta ne ba ya jituwa da yawun ƙwaron. Irin ta farkon ita ce matsalar gida: mai ita zai rantse maka lafiyarta lau, alhali ita ke rarraba wa sauran. Ina kyautata zaton muzurun nan haka yake.

Yanzu ka ƙirga kwanaki tare da ni. Macen ƙwaron tana manna ƙwai a bangon ramin kunne, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 4. Ɗan da ya fito ya yi ta sake fata mataki-mataki, daga ƙwai zuwa babba mai iya haihuwa kusan sati 3 ne, babban kuma ya rayu wajen wata 2 yana zuba ƙwai. Galibin tsofaffin magungunan ɗigawa suna kashe mai rai ne, ba sa taɓa ƙwai. Ka haɗa da cewa datti yana kare wasu daga maganin, kuma mai kyanwa da wuya ya ɗiga kullum ba fashi, don kyanwa ba ta tsayawa a yi mata abin da ba ta so sau biyu. Sannan ba duka ƙwarin ke zaune a kunne ba. Wasu suna fita zuwa wuya da gadon baya da gindin wutsiya, musamman da yake kyanwa tana naɗewa ta kwanta kanta kusa da wutsiyarta. Ka tsaftace kunne, su sauko su tarar da ɗaki a share. Ragowar nan, ko waɗanda ta sake ɗauka wurin muzuru, sati uku suke bukata su cika kunnen, kuma a sati ukun aka dawo maka da ita. Lissafin bai ɓace ko kaɗan ba. In da ɗigawa za ka yi aiki, sai dai a yi ta sati 3 zuwa 4 ba yankewa, in ba takardar maganin ta faɗi wani abu daban ba.

Ga yadda nake so ka yi da ita yau. Ka naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje, ka sa fitilar duba kunne a hankali. Ka ɗan dakata, kada ka yi gaggawa. Ɗumin fitilar yana motsa su, sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo suna rarrafe a kan baƙin dattin. Wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa. In ba ka gani ba, ka lakato dattin da auduga, ka sa a gilashi da ɗigon man farafin, ka duba a madubin likita da ƙaramin ido. Za ka ga ƙwaron da ƙafafunsa, ko dogayen ƙwai. Ka ɗauki wani dattin kuma ka shafa a gilashi na biyu, ka rina shi, ka nemi wasu ƙwayoyin cuta, wato yis da bakteriya. Wannan na biyun ba ɓata lokaci ba ne. Kunnen da ya daɗe da ƙwaro yakan kamu da su a kai, kuma akwai kunnen da baƙin dattinsa na yis ne zalla, babu ƙwaro ko ɗaya. Irin wannan ko tulun maganin ƙwaro ka juye masa ba zai warke ba. Hanci ma yana taimako: dattin ƙwaro busasshe ne ba shi da wani wari sosai, amma in ka ji tsami ko ɗoyi, ko ka ga ruwa-ruwa da mugunya, wani abu ya shiga. In kunne ɗaya ne kawai ke ta dawowa da ciwo, ka yi tunanin tsiro a can ciki, domin ƙwaro yawanci kunne biyu yake kamawa.

Abin da ba na yafewa shi ne a zuba wani abu a kunne ba a duba dodon kunne ba. In ya fashe, ruwan wanki da wasu magungunan ɗigawa, irin su jentamaisin, suna wucewa can ciki, su jawo kurumta ko su lalata ma'aunin tsayuwar dabbar. Alamun cewa matsala ta kai can ciki su ne: kai ya karkace gefe guda, tana tangaɗi ko zagaye wuri ɗaya, ƙwayar ido tana rawa, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya ƙanƙanta. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka ajiye kwalba ka kira ni. In datti ya tare ka ba ka hango dodon ba, ka ɗauka kamar a fashe yake, ruwan gishirin asibiti mai ɗumi kaɗai za ka yi amfani da shi.

Wanki kuma da sauƙi. Ka ɗiga ruwan, ka murza gindin kunnen har ka ji yana ƙarar caɓal-caɓal, ka sake ta ta kaɗa kai, sannan ka goge abin da ya fito da auduga a yatsa. Tsinken auduga ba ya shiga rami. Ramin kunnen kyanwa lanƙwasasshe ne, tsinke danna datti yake yi zuwa ƙasa.

Maganin da za mu ba ta yau na ƙeya ne, selamektin. Ana buɗa gashi a bayan wuya gaban kafaɗu, inda harshenta ba ya kai, a matse shi a kan fata, ba a kan gashi ba. Yana shiga jiki ya zauna har wajen wata guda, don haka yana riskar na kunne da na wutsiya, kuma duk ƙwan da ya ƙyanƙyashe yana tarar da shi yana jira. Shi ya sa ya fi ɗigawa. Ma'auninsa miligiram 6 ne ga kowane kilo. Na ɗora ta a sikeli, kilo 1.8 ce, ka ga tana bukatar miligiram 10.8, sai a ba ta ƙaramin bututu mai miligiram 15, wanda aka yi wa masu kilo 2.5 zuwa ƙasa. Muzurun, in ya kai kilo 4 kamar yadda suka ce, 24 yake bukata, nasa bututun mai 45 ne. Amma ka auna shi, kada ka yarda da kiyasin mai gida. Karen ma a ba shi nasa na karnuka gwargwadon nauyinsa, kuma duka ukun rana ɗaya. Sau ɗaya yakan isa, amma ni nakan maimaita bayan kwana 30, ballantana wannan da ta riga ta dawo mana. Akwai wasu na ƙeya da ke yin aikin, kamar mai moksidektin ko fuluralana. Kowanne da ƙarancin shekarun da aka yarda a ba, ka karanta takardarsa kafin ka taɓa jaririyar kyanwa.

Allurar ibamektin da ka ga wasu suna yi tana kashe ƙwaron, ban musa ba. Sai dai kwalbar ta manyan dabbobi ce, mai ƙarfi, abin da 'yar kyanwa ke bukata ɗan ɗigo ne da ke da wuyar aunawa a sirinji, kuskure kaɗan sai ka ga tana rawar jiki ta daina gani. Ba aikinka ba ne tukuna. Wanda kuma za ka ja wa mai gida kunne a kai shi ne maganin ƙuma na kare mai famitirin. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, yana kisa. Gidan da ke da kare da kyanwa, nan ne aka fi yin wannan ɓarnar, wani ya ce ai ragowar na kare ma ya isa.

Ka taɓa fatar kunnenta da kyau kafin su tafi. Kaɗa kai da susa suna iya fasa jijiya a cikin fallen kunne, jini ya taru ya kumbura kamar ƙaramin matashi mai laushi. Wannan sai an zuƙe ko an yi aiki, in an bari kunnen ya motse ya lanƙwashe har abada. Nata bai kai nan ba, ƙujewa ce kawai a bayan kunne, a wanke a rage mata farce.

Ka gaya musu su wanke shimfiɗar dabbobin da ruwan zafi, don ƙwaron yana iya yin 'yan kwanaki a wajen jiki, amma ba sai an yi wa gida feshi ba. Ka kuma faɗa musu ƙaiƙayin ba zai ɗauke yau ba, yakan ɗauki kwanaki, kada su ce magani bai ci ba su je su ƙara wani. Ka rubuta musu ranar dawowa, wata guda daga yau, da dabbobin duka uku. Ranar kai za ka lakato dattin ka duba a madubi, ko da kunnen ya yi maka kyau a ido, sannan ka kira ni in leƙa.