Neman ragi da tsayar da wa'adi da Faransanci: yadda ake amfani da "je souhaiterais que"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tayil a Maraɗi, kuma daga wani kamfani a Lome nake saro kaya. Sun turo mini farashin kwali 400 a kan sefa 6,500 kowane kwali, ba su kuma faɗi ranar da kayan za su iso ba. Na rubuta musu *je veux que vous baissez le prix*, sai ɗana ya ce akwai kuskure, maganar kuma ta yi kaushi, wai in ce *je souhaiterais que*. Yaya ake amfani da ita? Ba za su ɗauke ni mai rauni ba idan na lallaɓa su?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Yaron naka ya yi gaskiya a duka biyun. Mu fara da kuskuren, domin gyaransa ya fi sauƙi a wajen Bahaushe fiye da yadda ake tsoratar da mutane a aji.

Ka saurari bakinka da Hausa. Kana cewa "ina so ku rage", ba ka taɓa cewa "ina so kun rage". Kana cewa "kafin su loda kaya", amma "bayan sun loda kaya". Wannan *ku* da *su* da ke zuwa bayan so, ko kafin, ko domin, suna nuna abin da bai auku ba tukuna, ana dai neman ya auku. Faransanci ma yana da irin wannan siga, ita ce malamai ke kira subjonktif, kuma kusan wuraren da Hausa ke sa tata nan Faransanci ke sa tasa. Abin da ka rubuta, *baissez*, tamkar ka ce "ina so kuna ragewa" ne. Daidai shi ne *que vous baissiez*, da ƙarin harafin *i* kafin *-ez*.

Tunda a wasiƙar ciniki *vous* za ka riƙa amfani da shi, wannan *i* ɗin shi ne rabin aikin: *que vous livriez*, *que vous confirmiez*, *que vous réduisiez*, *que vous m'accordiez*. Fi'ilan da ke bijirewa kaɗan ne, kuma su ne kullum ake buƙata, saboda haka a haddace su: *que vous fassiez* daga *faire*, *que vous puissiez* daga *pouvoir*, *que vous soyez* daga *être*, *que vous ayez* daga *avoir*. In kaya ake magana a kai, *que la marchandise soit* ko *que les cartons soient*. Akwai kuma waɗanda ke da *y*, inda kunne ba ya jin bambanci sosai amma ido na gani a rubuce: *que vous envoyiez*, *que vous revoyiez votre prix*. Kada ka ga *yi* a jere ka zaci kuskuren bugu ne.

Wurare biyu ne Hausa za ta yaudare ka. Na farko, mu muna cewa "ina so in karɓi kayana", siga ɗaya ko ni zan yi aikin ko wani. Faransanci bai yarda da haka ba. Idan mai so shi ne mai aikatawa, ana jefar da *que*, a kawo fi'ili yadda yake a ƙamus: *je souhaiterais recevoir la marchandise*. Wanda ya rubuta *je souhaiterais que je reçoive* an gane nan take da wani harshe yake tunani. Na biyu shi ne fata. Muna cewa "ina fata ku amince", amma *espérer* ba ya jan subjonktif: *j'espère que vous accepterez*. Haka *si*, wato "idan", ba ya ja: *si vous baissez le prix, je prends 400 cartons*. Ka ga a nan *baissez* ɗinka ya zauna daram.

Sai harafin *s* na ƙarshen *souhaiterais*. In ka cire shi, ka rubuta *je souhaiterai*, ka koma cewa "zan so nan gaba", ladabin kuma ya tafi. Wannan *s* ɗin shi ke mai da "ina so" ya zama "da zan so", kamar yadda dattijo ke cewa "da za a taimaka a duba mana".

To, batun rauni. Tsoronka yana da tushe, amma ba ladabi ke sa a raina mai saye ba. Abin da ke sa a raina shi, rashin taya ne. A kasuwa in an yi maka suna ka tsaya kana "a rage mana, a rage mana" ba ka taya ba, mai kaya ba shi da abin da zai ce albarka a kai, balle ya sallama. *Je souhaiterais que vous fassiez un effort sur le prix* jimla ce mai kyau a nahawu, ana yawan rubuta ta, amma roƙo ce kawai. Za su iya cire maka sefa 50 su ce sun yi ƙoƙari. Ni abin da nake koya wa masu zuwa in rubuta musu wasiƙa shi ne a bar taushi a fi'ili, a sa tauri a lamba da rana da sharaɗi. Sharaɗin ma subjonktif ke ɗauke da shi, ta hanyar *à condition que*, wato "bisa sharaɗin".

Ga yadda zan rubuta taka, in muka ɗauka kana son tayawa 6,000, kana kuma son kaya kafin tsakiyar Maris:

*Bonjour Monsieur, je vous remercie pour votre facture proforma. Compte tenu de la quantité commandée, je souhaiterais que vous rameniez le prix à 6 000 FCFA le carton. Je suis prêt à verser un acompte de 40 % dès cette semaine, à condition que la marchandise soit livrée à Maradi au plus tard le 15 mars.*

Duba abin da ke ciki. Ka ba da dalili, wato yawan kayan da kake ɗauka. Ka taya a fili, daga jimillar 2,600,000 zuwa 2,400,000. Ka miƙa musu abin da kowane ɗan kasuwa ke so, kafin alƙalami na kashi 40 cikin ɗari a wannan makon, kuma da sigar yanzu ka faɗe shi, *je suis prêt*, domin su san kuɗin na hannu. Sannan ka ɗaure kuɗin da rana. *Au plus tard le 15 mars* na nufin kada a wuce ranar. Ka kuma ce *livrée à Maradi*, domin in ka rubuta *expédiée* za su iya ɗora kaya a mota a Lome ranar 15 su ce sun cika alkawari, alhali tafiya tana gaba. A lura da rubutun lamba ma, musamman 'yan uwa na Najeriya da suka saba da waƙafi: a Faransanci sarari ake bari, *6 000*, domin waƙafi a wajensu alamar ɓangaren lamba ce, *6,5* shida da rabi ke nan. Kuma a rubuta da faran, ba da lissafin dala da muke yi a baki ba.

Yanzu a ce sun amsa maka haka: *Nous pouvons descendre à 6 200 FCFA et nous ferons le nécessaire pour que vous soyez livré dans les meilleurs délais.* A nan ne nake so ka buɗe ido, domin su ma sun iya wannan siga. A kan farashi sun yi magana tsayayya, *nous pouvons*, da lamba. A kan wa'adi kuwa sun shige bayan *pour que*, wadda niyya kawai take nunawa, suka rufe da *dans les meilleurs délais*, wato "da zarar hali ya yi". Ranar 15 ta ɓace. Na taɓa rubuta wa wani mai sayar da kayan gini wasiƙa, aka ba shi irin wannan amsa, ya ji daɗin ragin ya tura kuɗi. Kaya suka yi makonni ba su zo ba, da muka koma kan takardun babu inda aka rubuta rana, ba mu da abin kamawa. Har yau abin yana damuna, domin da na nace a lokacin da bai shiga wannan wahala ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: duk jimlar da ta zo bayan *pour que*, *afin que* ko *nous souhaitons que* ba tare da lamba ko kwanan wata ba, ba a yi maka alkawari ba tukuna.

Sai ka ɗan ɗaga murya, mataki ɗaya kawai. Bayan *je souhaiterais que* akwai *il faudrait que*, "ya kamata a ce", wadda ke nuna larura ce ba son rai ba. Sama da ita akwai *je tiens à ce que*, "na dage a kan". *J'exige que* kuwa ta rigima ce, a ajiye ta sai an karya alkawarin da ke rubuce. Dukansu subjonktif suke ja. Amsarka ta biyu za ta iya zama:

*J'accepte 6 200 FCFA le carton, à condition que la date du 15 mars figure sur la facture. Il faudrait que vous me la renvoyiez avant que je fasse le virement.*

Ka sallama musu sefa 200 a kowane kwali, 80,000 ke nan a kan tayinka, ka sayi rana a rubuce da su. A ganina cinikin ya yi, domin shago babu kaya ya fi 80,000 ciwo. Wani lokaci za ka ga an rubuta *avant que je ne fasse*. Wannan *ne* ba ta korewa ba ce, ado ce ta rubutun ofis, ma'ana ɗaya.

In wata rana kai ne ke neman a ɗaga maka ƙafa wajen biya, ginin bai canza ba: *je souhaiterais que vous m'accordiez un délai supplémentaire de dix jours*, sannan ka faɗi ranar da za ka biya da adadin da za ka fara bayarwa.

Idan an daidaita, ka fita daga subjonktif gaba ɗaya. Sigar nema ce, ba a rufe ciniki da ita. Saƙon ƙarshe ya zama magana tsayayya wadda ba ta da "da" ko "in":

*Je confirme la commande : 400 cartons à 6 200 FCFA, pour un total de 2 480 000 FCFA. Je verse aujourd'hui un acompte de 992 000 FCFA. Le solde de 1 488 000 FCFA sera payé à la livraison, qui aura lieu au plus tard le 15 mars.*

Kada ka tura kuɗin sai sabuwar takardar farashi ta shigo hannunka, ka ga 6 200 da *15 mars* da *Maradi* a jikinta, sannan su amsa wannan saƙon a rubuce, ko da kalma biyu ce, *bien reçu* ko *d'accord*.