Amsar waya ba alƙawarin tela ba ce

"Maigida, na sa WhatsApp Business a shagona na Aboabo. Me zan rubuta wa masu kawo ɗinki don su san yadda za su yi oda, su kuma gane amsar da wayar ke bayarwa da kanta?"

Ɗana, fara da abin da ya taɓa ƙona ni. Ana saura kwana goma Babbar Sallah, wani Alhaji daga Asawase ya turo hoton babbar riga da tsakar dare. Wayata ta amsa masa da "Mun gode, saƙonka ya iso". Shi ya ɗauka na karɓi aiki, ni kuwa saƙon ya nutse a ƙarƙashin wasu. Da jajibere ya aiko yaronsa karɓar riga, alhali ko almakashi ban ɗora ba. Laifina ne, don ban taɓa gaya wa mutane cewa waya ce ke magana ba.

Saboda haka ka rubuta musu kamar haka:

"Salamu alaikum. Mai son ɗinki ya turo abu huɗu a saƙo ɗaya: sunansa, hoton samfurin, yadi nawa ne, da ranar da yake so. Wanda ba mu da awonsa ya biyo shago. Amsar da za ku gani nan take ta waya ce, ba tawa ba. Oda ba ta tsaya ba sai na faɗi kuɗi da ranar karɓa da kaina. Kada a tura kafin alƙalami ta MoMo kafin nan, kuma a duba sunan shago ya fito kafin a sa lambar sirri."

Wannan shi za ka zuba a Greeting message. Yana zuwa ne ga wanda ya fara yi maka magana, ko wanda kuka yi kwana 14 ba ku yi ba, don haka ba zai gundiri mai ciniki na kullum ba. Away message kuwa, wato amsar da ke fita in ba ka nan, ka gajarta shi, ka zaɓi Outside of business hours, ka faɗi ƙarfe nawa za ka amsa: "Shago a rufe yake, zan amsa bayan ƙarfe 8 na safe." In ka faɗi 8, to ka cika 8. Ka kuma bar wayar da data, don in babu intanet amsar ba ta fita.

Tsofaffin abokan cinikinka kuwa, in ka tura musu ta Broadcast, wato saƙo ɗaya zuwa ga mutane da yawa a lokaci guda, wanda ya ajiye lambarka ne kaɗai zai gani. Kuma da yawa iyayenmu a Zango ba sa karanta boko, sai ka maimaita maganar da murya, da Hausa da Tiwi.

Kafin ka tura wa kowa, ari wayar wani yaron shago da bai taɓa yi maka magana a lambar ba, ka rubuta wa kanka, ka ga abin da zai dawo.