Fanel biyu na wat 330 da famfon bolt 48: a siris ko a faralel?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina da fanel biyu, kowanne wat 330, a bayansu an rubuta Voc 46V, Vmp 37.5V, Imp 8.8A. Ina so in sa famfon DC a rijiyar burtsatse, ruwa yana mita 30 in ana ja, tanki kuma mita 8 a sama. An nuna min moto mai bolt 48 wat 500 da kwantirolarsa. In na haɗa su siris na ga bolt 92 ke nan, ba zai ƙona moton ba? Ko faralel zan yi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Siris za ka yi, amma kafin ka ɗaura ko waya ɗaya ka juya akwatin kwantirolar nan ka karanta min abin da aka rubuta a jikinta, domin lambar da za ta yanke hukunci tana can, ba a jikin moto take ba.

Wannan bolt 48 ɗin na moto ne, kuma moton nan ba ya ganin wutar fanel kai tsaye sam. Irin wanda aka nuna maka kusan tabbas mara burushi ne, mai waya uku U, V, W, shi wannan in ka jona masa fanel kai tsaye ko motsi ba zai yi ba, kwantirola ce ke karɓar wutar ta sassaka ta, ta riƙa ba shi bi da bi a wayoyin ukun har ya juya. To ita kwantirolar tana da lambobi biyu nata na kanta. Na farko iyakar bolt ɗin da za ta iya ɗauka, wanda in aka haura ta mutu. Na biyu zangon da take aiki da kyau a cikinsa. A cikin na bolt 48 da suka bi ta hannuna yawanci iyakar bolt 100 ce, zangon aikin kuma wajen 60 zuwa 90, amma kamfani da kamfani suna bambanta, shi ya sa na ce ka karanta taka kar ka ɗauki tawa.

Iyakar nan da Voc ake gwada ta, ba da Vmp ba, wanda shi bolt ne na lokacin da fanel ke cikin aiki ana jan wutarsa. Voc shi ne abin da fanel ke bayarwa lokacin da ba abin da ke jan wuta, wato da sassafe kenan kafin famfo ya tashi, ko lokacin da tanki ya cika aka tsaya. Naka 46 sau biyu 92. Sai dai wannan 46 ɗin a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma fanel abu ne mai halin juye, sanyi ke ɗaga masa bolt, zafi ya sauke. Kusan kashi 0.3 cikin ɗari yake ƙaruwa a kan kowane digiri ɗaya da aka sauka. In gari ya waye da sanyin digiri 10, 92 ɗinka ya zama 96 da ɗan ɗoriya. In inda kake sanyi yana kai sifili to ka doshi 99. Kaga a kwantirola mai iyakar 100 ka shiga, amma ƙofar ta matse, babu wurin ƙarin komai.

A nan ni na taɓa ƙona hannuna shi ya sa nake nanatawa. Ina da saiti kusan irin naka, fanel biyu, yana ta aikinsa lafiya lau, sai kwaɗayi ya ja ni na ce bari in ƙara fanel na uku a jere don ruwa ya fara zuwa da wuri. Lissafin da na yi a kaina na wat ne kawai, na ce ai ƙarin wuta ba ya cutarwa, moto zai ja abin da yake so ya bar saura. Wannan gaskiya ne a wajen amfiya, ƙarya ne a wajen bolt. 46 sau uku 138. Da magariba na haɗa, washegari da safe ina ɗaga bireka sai na ji fas kamar an taka leda mai iska, sai warin nan na ƙonannen roba. Da na kwance murfin, kafasito biyun da ke bakin shigar wuta sun kumbura, ɗaya ya tsage ta sama ya tofo abin cikinsa a kan bod, kuma a jikinsu ƙarara an rubuta 100V. Moton na can ƙasan rijiya ko gezau, bai ma san abin da ake ciki ba.

Yanzu me ya sa ba faralel ba, tunda shi kamar ya fi kwanciyar hankali. A faralel bolt yana tsayawa a 37.5, amfiya ce ke ninkuwa ta koma 17.6. Kuma 37.5 ɗin ma ba za ka same shi da rana tsaka ba, don fanel a cikin rana yana kai digiri 60 a jikinsa, Vmp ya zube da kusan kashi 14 cikin ɗari, ka dawo wajen 32. Yawancin irin waɗannan kwantirola rage bolt suka iya, ba su iya ɗaga shi ba, to da 32 ta yaya za ta ba moto 48? Gudun moton DC bolt yake bi, sai ka ga yana juyawa a sanyaye, ko fitilar ƙarancin wuta tana ta ƙiftawa alhali rana na dukan ka a ƙeya. A siris kuwa 75 ne, zafi ya rage shi zuwa 64 ko 65, har yanzu yana sama da 48 sosai kuma yana cikin zangon. Shikenan abin da ake nema, da sanyi kar Voc ya haura iyaka, da zafi kar Vmp ya faɗo ƙasa da buƙata.

Na san abin da zai zo maka a rai na gaba, don ni ma ya dame ni a da. Moto wat 500 a bolt 48 yana son amfiya 10 da 'yan kai, siris kuma ba ya ƙara amfiya, 8.8 ce dai, ina za a samo cikon? Wannan shi ne aikin MPPT ɗin da ke cikin kwantirola, canji take yi, ta karɓi bolt mai yawa da amfiya kaɗan ta mayar bolt ƙasa amfiya sama. Ce fanel na ba da bolt 65 da amfiya 8, wat 520 kenan, ta ci ɗan nata ta miƙa wa moto kusan amfiya 10 a bolt 48. Saboda haka kar ka gwada amfiyar fanel da amfiyar moto kai da kai, wat za ka gwada. Abin da za ka duba kawai shi ne amfiyar da kwantirola ta yarda ta shiga mata ta fi ta fanel ɗinka, da kuma ita da moton a sayo su tare a matsayin saiti ɗaya, kar a yi auren dole.

Inda za ka ga amfanin wannan canjin da idonka shi ne da safe. Amfiyar fanel hasken rana take bi, in hasken rubu'i ne to rubu'in 8.8 za ka samu, 2.2 kenan, alhali bolt ya riga ya tashi tun hudowar rana. Moto kuma amfiya yake buƙata ya tayar da kansa. Wanda ya jona moto mai burushi kai tsaye da fanel ya san wannan, moton ya tsaya cak yana ɗan gurnani, bolt ya zube, sai rana ta take sannan ya zabura, kuma tsayuwar nan da wuta a jiki ita ke cin burushi da kwayil. Kwantirola kuwa sai ta ɗauki wat 150 ɗin da ake da shi ta sauke bolt ƙasa sosai amfiya ta hau, moto ya fara juyawa a hankali.

To wat 500 ɗin ma ya ishe ka? Mita 30 da mita 8, ka ƙara kamar 4 na gogayyar ruwa a cikin bututu da gwiwoyi, 42 kenan. Ce kana son lita 1500 a awa.

```
P = 2.725 × Q (m³/h) × H (m)
P = 2.725 × 1.5 × 42 ≈ 172 W
```

Wannan ƙarfin da ya shiga ruwa ne zalla. Ƙananan famfunan nan in an haɗa asarar moto da ta famfo da ta kwantirola, kusan rabi ko ƙasa da haka ke isa ga ruwa, to ka ce wat 380 kake buƙata daga fanel. Fanel ɗinka 660 ne a rubuce, a zahiri da zafi da ƙura ka sa rai da wajen 500. Ya yi daidai, har da ɗan rara. Amma ka nemi takardar famfon ka duba lita nawa yake bayarwa a mita 42 ɗin, kar ka ruɗu da manyan lambobi biyun da ke kan kwali, domin mafi tsawo da mafi yawan ruwa ba sa haɗuwa lokaci guda, a mafi tsawon nan ruwan kusan sifili ne. A zurfi irin naka da wuta 'yar kaɗan haka ni na fi son famfo mai sukurun nan da ke murɗawa cikin roba, don ko a hankali yake juyawa yana tura ruwa har tanki, mai farfela kuwa in gudu ya ragu sai ya yi ta juyi ruwa na tsaye a rabin bututu. Illar mai sukuru yashi, in rijiyarka na kawo yashi zai cinye robar da wuri.

Waya kuma kar ka yi mata rowa. Daga kwantirola zuwa moto za ka ci mita 40, da amfiya 10 a wayar tagulla mai 2.5mm² a kiyasi sama da bolt 5 zai narke a hanya, cikin 48 kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa mai 4mm², asarar ta dawo wajen 3 da rabi.

Ranar haɗawa ka fara sa maltimita a wayoyin fanel tun ba ka jona ba, ka ga 80 da wani abu zuwa 92, ka tabbatar da ja da baƙi ba su juye ba, kuma bireka ta DC ce a tsakani ba ta wutar gida ba, don tartsatsin DC ba ya mutuwa da sauƙi. In famfo ya tashi ka sake aunawa a bakin kwantirola, ya kamata ya sauko tsakanin 64 da 75. In ya tsaya can sama kusa da Voc to ba abin da ke jan wuta, ka duba sansan da ke tsayar da famfo in ruwan rijiya ya ja baya ko in tanki ya cika. In kuwa yana faɗuwa ƙasa warwas famfo na tashi yana mutuwa, amfiya ce ta gaza, inuwa ce ko datti ko jonin da bai kama ba, kuma a siris inuwar da ta faɗa kan fanel ɗaya dukansu take ja. In kana jin moto na gudu amma ruwan ɗis-ɗis ko babu, kashe da sauri ka musanya biyu daga cikin U, V, W, baya yake juyawa.

Ɗauko hoton lambobin jikin kwantirolar ka turo, in iyakarta ba ta kai 100 ba kar ka saya.