Za ni kai kayan aure Ogbomosho: littafi zan saya ko malami zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena zai auri wata yarinya Bayarbiya da ta tashi a nan Jos, amma kakanninta da manyan gidansu suna Ogbomosho. Nan da sati 3 za mu kai kaya, kuma ni ce babbar yaya. Ina so in iya gaishe su da yarensu. Na ga wani ɗan littafin koyon Yarbanci, akwai kuma malamin da ke koyarwa ta waya a kan naira 25,000 wata guda. Wanne zan zaɓa? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri. Ki riƙe kuɗinki tukuna, domin abin da kike buƙata a wannan tafiyar bai wuce gaisuwa goma sha biyu ba, kuma da kunne ake koyonsa. Yarbanci yana da sautin murya hawa uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ƙananan littattafan da ake sayarwa a bakin titi kuwa sau da yawa ba su saka alamomin da ke nuna su. Ko sun saka, wanda bai taɓa jin kalmar a bakin mai ita ba zai karanta ta da karin Hausa ne. Darasin wata guda yana da amfani ga mai son yaren gaba ɗaya, kamar shi angon. Ke kam a Jos kike, garin da mutanen Ogbomosho suka daɗe da zama suna kasuwanci. Ki nemi wata dattijuwa cikinsu, ko ma mahaifiyar amaryar, ta faɗa miki kowace gaisuwa sau biyu a hankali ki ɗauki muryarta a wayarki. Turmin atamfa ko ɗan tukuici ya wadatar, kuma sai kin ga daɗin da za ta ji da aka zo neman wannan a wurinta.

Gaisuwar lokaci guda huɗu ce, kuma na rubuta su nan yadda kunnen Bahaushe ke jin su. Daga wayewar gari zuwa tsakar rana "E kaaro" ake cewa. Daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe 4, "E kaasan". Daga nan zuwa faɗuwar rana, "E kuurole". In duhu ya shiga, "E kaale". Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗaura su a kan lokutan salla: kaaro har gab da azahar, kaasan daga azahar zuwa la'asar, kuurole daga la'asar zuwa magariba, kaale bayan magariba. Ba wanda zai duba agogo in kin ɗan ƙetare iyaka. Wanda ke jawo dariya shi ne kaaro da yamma, kuma shi baƙi suka fi yi saboda shi kaɗai suka haddace.

Wannan "E" ɗin na farko shi ne abin da ba na so ki yi wasa da shi. Shi ne "ku" na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "kun tashi lafiya?" Ana yin sa ga wanda ya girme ki, ko ga mutane da yawa. Tsohuwa za ta amsa miki da "kaaro o" ba tare da shi ba, saboda ita ce babba. Sabon shiga yakan ji haka ya ɗauka amsar ita ce daidai, washegari ya je ya ce wa kakar amarya "kaaro" tsurarsa, alhali wannan gaisuwar da ake yi wa yaro ce ko tsara. Haka ma "Bawo ni?" da za ki ji samari na yi wa juna a tasha, kusan "ya dai?" ce, kada ta fito daga bakinki gaban manya. Ki ƙara Baba ko Mama a ƙarshe: "E kaaro, Mama."

Bari mu bi tafiyar taku daki-daki. In kun bar Jos da asuba, da wuya ku shiga Ogbomosho rana na sama, don haka gaisuwar da za ki fara amfani da ita kuurole ce ko kaale. Su ki fi maimaitawa a mota. Kuna sauka za ki ji ana ta "E kaabo", wato sannu da zuwa. Amsar baƙo ita ce "E ku ile", gaisuwar da mai shigowa ke yi wa waɗanda ya tarar a gida. Daga nan ki nufi mafi tsufa a ɗakin, ki durƙusa gwiwa a ƙasa, sannan ki ce "E kaale, Mama." Ƙarami ne ke fara gaisuwa, kuma a wurinsu durƙuson ya kusa fin maganar nauyi. A nan kin ci sa'a, tun kina yarinya kike yin sa. Mazan gidanku za su ga samarin can suna kwanciya rub da ciki gaban manya. Ba dole ba ne baƙo ya yi hakan. Su russuna sosai, kuma kada su riga dattijo miƙa hannu. In gidan Musulmi ne, ku fara da sallama sannan gaisuwar lokaci ta biyo baya.

Za a tambaye ki "She alaafiya ni?" ko "She daadaa ni?", duk lafiya ake tambaya. Ki ce "Alaafiya ni, a dukpe", wato lafiya lau, mun gode. A littafi da harafin p kawai za ki ga an rubuta kalmar ƙarshen nan, amma k da p ake haɗawa a furta lokaci guda, mu kuma bakinmu yakan mai da ita "dufe". Irin wannan ne ya sa na ce murya ta fi takarda. Haka n ɗin ƙarshen kaasan, ba a dire ta kamar ta "nan", ta hanci take fita.

Da za a kwanta sai ki ce "O daaro", sai da safe. Ki bambanta ta da kaale: kaale ta haɗuwa ce, o daaro ta rabuwa. In kika shigo da dare kika ce o daaro, kin yi ban kwana tun ba ki zauna ba.

Washegari kuma akwai wasu biyu da nake ganin za su fi saya miki zuciyar matan gidan. Yadda muke da sannu da kaza, barka da kaza, haka suke da "E ku" a gaban kusan kowane hali. In kin tarar da mata a bakin murhu suna tuƙa amala, ki tsaya ki ce "E ku ishe", sannu da aiki. Iyayen amarya kuma ki ce musu "E ku inawo", sannu da ɗawainiya, gaisuwar da ake yi wa wanda ya kashe kuɗi a kan biki. In an kawo miki ruwa ko abinci, "E she", an gode. Ranar tafiya, "O dabo".

Kafin ku tashi ki gwada kanki a kasuwa. Ki gaida wata Bayarbiya mai shago wadda ba ta san kina koyo ba, sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma. In ta amsa nan take ta ɗora da tambayar gida da yara, furucinki ya zauna. In ta ɗan yi turus, ko ta maimaita kalmar a hankali kafin ta amsa, gyara take yi miki, ki saurari inda muryarta ta hau da inda ta sauka, ki koma kan abin da kika ɗauka a waya.

In gaisuwarki ta yi kyau, tsofaffin can za su ɗauka kina jin yaren, su ɓarke miki da zance. Ki sa dattijuwar taki ta koya miki yadda ake cewa "kaɗan-kaɗan nake ji", kuma ki tabbata a wajen zaman akwai wata daga dangin amarya na Jos kusa da ke wadda za ta riƙa mayar miki da Hausa.